Yadda ake lissafin kuɗin awannin ƙari, ɗaya da rabi da kuma ninki biyu

Jama'a salamu alaikum. Yawancin rigimar da ake yi ƙarshen wata tsakanin ma'aikaci da mai gida kan awannin ƙari ba wai don wani ya ci kuɗin wani da gangan ba ne, a'a, kowa da nashi lissafi ne, wannan ya raba albashi da 30 wancan ya raba da 26, wani kuma ya ƙirga da dala alhali buletan da sefa aka rubuta shi. To lissafin nan gaba ɗaya kan abu guda yake tsaye, wato farashin awarka guda. In ka same shi daidai sauran duk ninkawa ne kawai, in kuma ka kuskure shi to duk abin da ka ɗora a kai ya karkace, ko da kalkuletarka sabuwa ce dal.

Zan ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe. A ce mutum ne mai kula da magaza a wani depo na kaya nan cikin Damagaram, irin waɗanda kamiyo ke zuwa sauke musu siminti ko shinkafa ba tare da sallama ba. Albashinshi na tushe sefa 104,000 a wata. Aikinshi Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 8 na safe zuwa ƙarfe 1, a tafi salla da abinci, a dawo ƙarfe 3 zuwa 6 na yamma, awa 8 ke nan a rana, 40 a sati. Kontirar da ya sa ma hannu ta ce duk awar da ta haura 40 a sati ana biyanta ɗaya da rabi, aikin Lahadi da na ranar hutun ƙasa kuma ninki biyu. Da wannan za mu yi aiki.

Amma tsaya kafin ka ɗauki bik, ka fara duba taka takardar. Doka a Nijar, wato dokar aiki ta 2012, ta tsayar da satin aiki a kan awa 40, wannan haka yake. Sai dai ba kowace awar ƙari ba ce ake biya ɗaya da rabi, ƙarin hawa-hawa ne, ya danganta da lokacin da aka yi aikin da kuma abin da yarjejeniyar ma'aikatan sashenku ko kontirarka ta tanada, awannin farko da suka haura 40 da rana sau da yawa ƙarinsu bai kai rabi ba, manyan ƙarin sun fi faɗawa kan dare da Lahadi da ranakun hutu. Wannan magana ta "duk abin da ya wuce 40 ɗaya da rabi ne" da ake gani a intanet dokar tarayyar Amurka ce ta 1938, ba tamu ba ce, kada ka tafi biro kana ɗaga murya da ita. In takardarka ta ce wani adadi daban ba komai, hanyar lissafin guda ce, lambar da kake ninkawa da ita kawai za ka canza.

Fitar da farashin awa guda

Ga mai albashin wata, ana raba albashin da 173.33. Mutane da yawa sun ga lambar nan a buletan ɗinsu ba su san daga ina ta fito ba, suna ɗauka wani sirrin kontabul ne. Ba sirri ba ne. Shekara sati 52 ce, kowane sati awa 40, ka ninka ka samu awa 2,080 a shekara, ka raba wata 12 ka samu 173.33. Dalilin da ya sa ake bi ta shekara shi ne watanni ba tsawonsu ɗaya ba, Fabrairu gajere ne Disamba dogo, amma albashinka bai canzawa, don haka aka ɗauki tsaka-tsaki guda da za a yi aiki da shi kowane wata.

```
40 x 52 / 12 = 173.33
104000 / 173.33 = 600
```

To awar mutuminmu sefa 600 ce. Ɗaya da rabi kuma 600 ɗin ce da rabinta 300, ya zama 900. Ninki biyu 1,200. Rubuta lambobin nan guda uku a saman shafin kayenka ka ja musu layi, 600 da 900 da 1,200, don da su za ka yi ta aiki har ranar da aka ƙara maka albashi.

Wata 'yar shawara, ka yi duk lissafin da sefa kamar yadda ake rubutawa a takarda, sai ka gama tukuna ka mayar dala in kana so. Mu da baki 600 dala ɗari da ashirin muke ce mata, 900 dala ɗari da tamanin, 1,200 kuma jaka guda da dala arba'in. In ka fara cakuɗa su a tsakiyar lissafi, layi guda da dala layi guda da sefa, sai ka wayi gari amsarka ta ninka sau biyar ko ta ragu sau biyar kai kuma kana rantsuwa an cuce ka.

Nan ne kuma babbar ɓarnar take, kuma ita ce na fi son a gane. Wasu masu gida, musamman inda ba kontabul na gaske sai ɗan'uwa da aka ɗora kan kaye, sukan ce wata kwana 30 ne, rana awa 8, sai su raba albashi da 240. Da jin maganar kamar gaskiya, amma ai ba ka yin aiki kwana 30, an zuba Asabar da Lahadi cikin rabon alhali ba awannin aiki ba ne, sai awarka ta rame. Duba, 104,000 a raba 240 ya ba da 433. Ɗaya da rabi a kan 433 ɗin nan 650 ne. Ka gani ko? Mutumin da awarshi ta yau da kullum 600 ce, ya tsaya har bayan magariba yana ƙirga buhu, an ce an ba shi "ɗaya da rabi" amma abin da ya hau kan awarshi ta gaskiya sefa 50 ne kacal, dala goma. A takarda an cika alkawari, a aljihu babu komai. Ma'aikata su ma suna da nasu kuskure ta ɗayan gefen, su ce wata sati 4 ne su raba da 160, awar ta kumbura ta wuce gaskiya, su je su yi ta gardama kan kuɗin da ba nasu ba. Akwai kuma 208, wadda ke fitowa in an ɗauki kwana 26 sau awa 8, wannan lissafin satin awa 48 ne, bai dace da wanda aka ɗauka kan awa 40 ba, da shi awar mutuminmu sai ta koma 500.

Sai wane kuɗi ne ake rabawa. Albashin tushe ne kafin a cire komai, wanda ake ce ma birit, ba abin da ya shigo hannunka ba bayan an cire na CNSS da lanho da abans ɗin da ka ci tsakiyar wata. In ka raba abin da ya rage maka to kai da kanka ka rage ma awarka daraja. Kuɗin mota ko na man babur bai shiga, don mayar maka da abin da ka kashe ne aka yi, ba ladan aiki ba ne. Sauran pirim kuwa, irin na daɗewa a aiki ko na haɗari, wuri da wuri ya bambanta, ka tambayi kontabul ko delegen ma'aikata waɗanne ne suke sawa cikin tushen, ka rubuta amsar. A misalinmu babu pirim, tushen kawai.

Ƙirga awannin, sati-sati

Ka samu kaye ƙarami na musamman, ko ka buɗe wuri a wayarka, kowace rana ka rubuta lokacin shiga da lokacin fita, da safe daban da yamma daban. Kada ka rubuta "na yi dare" ko "na daɗe", wannan ba lamba ba ce. Hutun tsakiyar rana bai shiga lissafi, mutuminmu daga 8 na safe zuwa 6 na yamma awa 10 ne a agogo amma 8 ne na aiki, sai fa in an hana shi tafiya hutun an ce ya tsaya ana sauke kaya, to ranar ya rubuta hakan a fili. In da hali ka sa shugaban aikinku ya sa hannu a ƙarshen kowane sati, don awar da mai gida bai ce ka yi ba kuma bai san da ita ba, ranar biya zai ce kai ka ga dama ka zauna, kuma da wuya ka kayar da shi.

Ga watan mutuminmu, mu ce Disamba ce da ta kama ranar Litinin.

Satin farko Litinin awa 8, Talata 10, Laraba 8, Alhamis kuwa ranar kasuwar Dole ce kaya na ta fita sai da ya yi awa 11 da minti 30, Juma'a 8, aka kuma kira shi Asabar da safe ya yi awa 4. Ka haɗa duka ka samu awa 49 da rabi. Cire 40, saura awa 9 da rabi, duk na ɗaya da rabi ne.

Sati na biyu ne mai ɗan wuya. Litinin 8, Talata ya yi na safe kawai awa 5 ya nemi izini ya tafi gaisuwar rasuwa Zango bai dawo ba, Laraba 10, Alhamis 11, Juma'a 8. Shi a ranshi yana cewa Laraba na ƙara awa 2 Alhamis na ƙara 3, ina bin awa 5. Amma kontirarshi ba rana-rana take ƙirgawa ba, sati take ƙirgawa, kuma jimlar satin 42 ce, don haka awa 2 kawai suka haura 40, sauran ukun sun cike gurbin yammacin Talata da bai yi ba. Ba cuta ba ce, ai shi ma ba a yanke mashi komai ba a albashi kan Talatar. Akwai wuraren da suke ƙirga rana-rana, duk abin da ya wuce awa 8 ƙari ne, in naku haka yake to 5 ɗin ne, shi ya sa na ce a fara da karanta takarda. Sannan ranar Lahadin satin nan kamiyo ya iso daga Maimujiya ba zato, aka tashe shi ya yi awa 6. Awa shidan nan a ware su gefe guda, na ninki biyu ne, kada a zuba su cikin 42 a ce 48 a biya su ɗaya da rabi, kada kuma a ƙirga su sau biyu, nan da can.

Sati na uku Litinin 8, Talata 8, Laraba awa 9 da minti 45, Alhamis ta faɗo 18 ga Disamba ranar Jamhuriya, hutu ne ga kowa amma shi ya buɗe magaza ya yi awa 8, Juma'a 8. Ƙarin ɗaya da rabi a nan awa 1 da minti 45 ne na Laraba, awa takwas na Alhamis kuma suka tafi wajen ninki biyu.

Sati na huɗu lafiya lau, babu ƙari. Kwanaki ukun ƙarshe, 29 zuwa 31, satinsu sai cikin Janairu zai cika, don haka ba a san ko ya haura 40 ba tukuna, sai a lissafin wata mai zuwa. Yawancin wurare ma suna rufe kayen awanni tun kafin ƙarshen wata don su samu shirya buletan, to in ka ga awannin satin ƙarshe ba su fito ba kada ka tada hankali, ka tambayi ranar da suke rufewa, ka jira su a buletan na gaba, in can ma babu to sannan ka yi magana.

Abin da bai kamata ka yarda da shi ba shi ne a haɗa satuttuka a raba. Misali wani sati ka yi 50 wani sati aiki ya yi sanyi aka sallame ku da wuri ka yi 30, sai a ce ai tsaka-tsakinsu 40 ne ba ka bin komai. In ƙa'idar wurinku sati ce, kowane sati kanshi yake tsayawa, awa 10 na satin farko suna nan daram.

Mintoci

Wannan ƙaramin abu ne amma kusan kowa na faɗawa ciki. Awa minti 60 ce, kalkuleta kuwa ɗari take sani. Awa 9 da minti 30 ba 9.30 ba ce a kalkuleta, 9.5 ce. Awa 1 da minti 45 ba 1.45 ba ce, 1.75 ce. Ka raba mintocin da 60 kawai, minti 15 ya zama 0.25, minti 20 ya zama 0.33, minti 30 0.5, minti 45 0.75. Da mutuminmu ya danna 9.30 da 2 da 1.45 zai samu 12.75 maimakon 13.25, rabin awa ya ɓace ke nan, sefa 450 a wata guda ba wanda ya ɗauka, shi ya zubar da hannunshi. Masu aiki da Excel a biro, in lokacin shiga na B2 na fita na C2, wannan zai ba ku awannin yadda za a iya ninkawa, har da aikin da ya tsallake sha biyun dare:

```
=MOD(C2-B2;1)*24
```

Sai dai ku mayar da gidan amsar na lamba ba na lokaci ba, in ba haka ba zai nuna muku wani abu daban.

Haɗa kuɗin

Yanzu muna da kaso biyu, kamar yadda mai awo ke ware gero gefe dawa gefe don ba farashinsu ɗaya ba. Kason ɗaya da rabi, 9.5 da 2 da 1.75, awa 13.25. Kason ninki biyu, 6 na Lahadi da 8 na ranar Jamhuriya, awa 14.

```
13.25 x 900  = 11925
14 x 1200    = 16800
11925 + 16800 = 28725
104000 + 28725 = 132725
```

Kuɗin awannin ƙarinshi sefa 28,725 ne, birit ɗinshi na watan kuma 132,725. In kana son ka tabbatar ba ka yi kuskuren dannawa ba, ka bi ta wata hanya, ka mayar da duk awannin zuwa awanni na yau da kullum. 13.25 sau 1.5 ya ba da 19.875, 14 sau 2 ya ba da 28, haɗe 47.875, ka ninka da 600 sai ga 28,725 ta sake fitowa. In hanyoyin biyu ba su haɗu ba to akwai inda yatsa ya zame, koma baya.

Da an yi mashi da rabon 240 ɗin can, kason farko zai zo wajen 8,613 na biyu wajen 12,133, jimla kusan 20,746. Bambancin ya kusa jaka takwas a wata guda, kuma ba a rage mashi ko minti guda a awanninshi ba, an kuma ninka da 1.5 da 2 yadda aka yi alkawari. Shi ya sa nake cewa kada ka tsaya kan ƙirgar awanni kaɗai, ido ya fara sauka kan farashin awar.

Maganar ranar hutu tana buƙatar a tsaya kanta

Lahadi ba ta da rigima ga mutuminmu, don albashinshi bai ƙunshi aikin Lahadi ba, duk awar da ya yi 1,200 ce cikakkiya a kan albashi. Amma 18 ga Disamba da ta faɗo Alhamis, ko 1 ga Mayu, ko 3 ga Agusta, ko ranar Salla in ta zo tsakiyar sati, wani abu ne daban, don mai albashin wata an riga an biya shi ranar cikin 104,000 ɗin ko da yana gida kwance. To "ninki biyu" a nan me ake nufi? Mai gida zai ce ranar ta riga ta ci 4,800 cikin albashi, in ƙara maka 4,800 ka ga ya zama 9,600, ninki biyu ke nan. Ma'aikaci kuma zai ce 4,800 na farko ai nawa ne ko ban zo ba, abokan aikina da suka tafi kallon fareti su ma sun samu, to ni aikin da na yi na awa 8 da 600 kawai ka biya shi, ina ninkin yake? Ni dai a ganina hujjar ma'aikacin ta fi ƙarfi, amma ganina ba shi ne ke biya ba, abin da aka rubuta ne. A misalinmu kontirar ta faɗa ƙarara cewa ana biyan ninki biyun a kan albashi ba tare da an taɓa shi ba, shi ya sa na sa 9,600. Da ta ɗayar hanyar ce, jimlar sai ta sauko 23,925. Sefa 4,800 a rana guda ba wasa ba ne, don haka tun kafin ka amsa kiran ranar hutu ka tambaya, "ranka ya daɗe, ninki biyun nan a kan albashi ne ko har da albashin?" Tambayar ta fi sauƙi ranar Laraba a kan ranar biya.

Haka in awa guda ta cancanci ƙari biyu, misali ta haura 40 kuma Lahadi ce, ba a ninka 1.5 da 2 a ce sau uku, a kaso guda take shiga, wanda ya fi girma, sai in takardarku ta ware wani farashi na musamman kamar na daren Lahadi. In kuma aiki ya tsallake dare, a ce ya shiga ƙarfe 8 na daren Asabar ya fita ƙarfe 2, ka yanka shi a sha biyun dare, awa 4 na Asabar a 900 ya zama 3,600, awa 2 na Lahadi a 1,200 ya zama 2,400, duka 6,000.

Karanta buletan

In buletan ya fito, kontabul ba duka suke rubutu iri ɗaya ba. A layin awannin ƙari, wanda ake taƙaitawa HS, wani zai sa `HS 50%` wani `HS 150%`, kuma sau da yawa abu guda suke nufi, na farko ƙarin kawai ya ambata na biyu ya haɗa da tushen, haka `HS 100%` da `HS 200%` duk ninki biyu ne. Kada ka tsaya kan kashin da aka rubuta, ka ɗauki kuɗin layin ka raba da yawan awannin layin. In 900 ta fito to daidai ne. In 300 ta fito to rabin kawai aka ba ka aka manta da awar kanta, ka duba ko akwai wani layi daban da ya biya awannin nan a 600, don wasu haka suke raba shi gida biyu, in babu layin to an rage maka kashi biyu cikin uku. In 650 ta fito ka san rabon 240 ne, in 750 ce rabon 208 ne. Da lamba guda ɗin nan za ka gane inda lissafin ya kauce ba sai an yi hayaniya ba.

Kuma kada ka sa rai 28,725 ɗin za ta shigo hannunka cif. Kuɗin awannin ƙari albashi ne, ana cire mashi abin da ake cire ma albashi. Kason ma'aikaci na CNSS kashi 5.25 cikin ɗari ne, a kan 28,725 wajen sefa 1,508 ke nan, ga kuma lanhon albashi wanda shi hawa-hawa yake, watan da ka samu da yawa yana iya ɗan ƙaruwa. Don haka birit za ka gwada da birit, ba da abin da aka miƙo maka ko ya shiga asusu ba.

Mai aikin yini

Ga wanda ake biya a rana, lebura ko mai taya magini, babu ruwanshi da 173.33, kuɗin yinin zai raba da awannin yinin da aka yi ciniki a kai. An ce 3,000 a yini na awa 8, awa ta zama 375, ɗaya da rabi 562.5, in an ƙara awa 3 don a gama zuba dal kafin ya bushe, 1,687.5 ne, da kuɗin yinin 4,687.5. A bar gutsuren nan har ƙarshe sannan a daidaita, ba a kowace awa ba. Matsalar nan ita ce yawanci ba a faɗin yinin awa nawa ne, "daga safe zuwa yamma" kawai ake cewa, kuma yamma tana iya zama la'asar tana iya zama isha'i, to tun wajen ciniki a tsayar da ƙarfe nawa ake tashi, in ba haka ba babu inda ƙarin zai fara ƙirguwa.

Masu gadi da wasu ayyukan da ake yawan zaman jira a cikinsu su ma su lura, doka na lissafa musu awannin zama a wurin aiki da suka fi 40 a matsayin daidai da 40, don haka ƙarinsu ba daga awa ta 41 yake farawa ba, mai gadin da ke kwana ƙofar gida ko ta biro kada ya ɗauki misalin mai magaza ya ɗora ma kanshi kai tsaye, ya fara sanin iyakar tashi.

In ka yi lissafinka ya saɓa da buletan, ka je wajen kontabul da kayenka da takarda guda mai layi huɗu, farashin awa da yadda ka same shi, awannin ɗaya da rabi sati-sati, awannin ninki biyu da ranakunsu, sai jimla. Ka ce mashi "Malam, don Allah mu duba tare, da nawa aka raba albashin?" Galibi a wannan tambayar ake gano bakin zaren. In an ƙi saurarenka sai ka bi ta delegen ma'aikata ko sandika, in nan ma ta ƙi to ofishin sufeton aiki na jiha, ka tafi da kontirarka da buletan na watannin da kake magana a kai da kayen awannin mai sa hannu, ka kuma yi musu fotokopi ka bar na asalin a gida.